Jakar sefa ta tashi a Maigatari, dala kuwa ba ta motsa ba

Mai awaki daga Gumel: Jama'a, Alhamis ɗin da ta wuce na je Maigatari sayen awaki a hannun mutanen Nijar. Na kira Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, aka ce dala na nan yadda take, amma ɗan canji ya ƙara min sama da naira ɗari a kan kowace jakar sefa, wato sefa dubu ɗaya. A jaka ɗari uku na yi asarar kuɗin ɗan akuya guda. An cuce ni ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Manomin riɗi: Ranar kasuwa ce, Alhaji. Kowa na neman sefa, dole ta yi tsada, kamar taki a farkon damina. Ni Laraba nake canji.

Tsohon ɗan canji: Gaskiyarka rabi ce, ƙanena. Cunkoso yana ƙara 'yan nairori, amma tushen yana wani wuri. Sefa ba ta bin dalar Amurka, a ɗaure take da yuro tun 1999: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya canjawa.

In ka ga EUR/USD 1.10 a waya, na farkon shi ne hajar, na biyun kuɗin da ake biya, kamar ka ce tiya ɗaya naira kaza. Wato yuro ɗaya dala 1.10 ne. USD/NGN 1,500 kuma dala ɗaya ce a naira 1,500. To a misali, ninka biyun, yuro ya kama naira 1,650. Raba da 656, sefa ɗaya ta haura naira biyu da rabi kaɗan, jaka kusan 2,515. Yanzu yuro ya koma 1.15, dala na nan a 1,500: jaka ta zama kusan 2,630. Ga naira ɗarinka nan, Alhaji, ba wanda ya taɓa dala.

Matar da ke kawo atamfa: Baba, wace dalar? Ni a Damagaram in an ce dala, sefa biyar ake nufi. Ranar farko da aka ce min dala ɗari biyu sai da gabana ya faɗi, ashe jaka ɗaya ce.

Malamin firamare: Abin da ya ruɗa ni a 2023, da Babban Banki ya saki naira a watan Yuni, shi ne lambar USD/NGN. Na ga ta tashi daga wajen 460 ta wuce 700, na ɗauka naira ce ta yi ƙarfi. Ashe dala ce hajar, ita ta yi tsada.

Mai awaki daga Gumel: Na gane lissafin, Baba. Amma ragowar sefar da na mayar da yamma, ƙasa da yadda na saya ya karɓa.

Tsohon ɗan canji: Farashi biyu ne kullum, na saye da na sayarwa, tazarar ce abincinmu. Nawa ya rage maka a jaka?

Mai awaki daga Gumel: Tamanin.

Manomin riɗi: Kai, tamanin ta yi yawa. Ni ba a taɓa cire min haka ba.