Masu T-square a taswirar haihuwa, ya kuke fama da tauraron da ke tsakiya?

Telan Sabon Gari: Salam jama'a. Ina son jin gogewar waɗanda suka tarar da T-square a taswirarsu, musamman tauraron nan na tsakiya da aka ce shi ke shan matsi. Ni haihuwar farkon Oktoba 1989 ne, manhajar ta nuna min Mushtari a Saraɗan wajen digiri 10, Zuhal a Jadyi kusan digiri 8 suna kallon juna, sai Rana da Mirrihi a manne cikin Mizan wajen 9 zuwa 10 sun tsaya a tsakaninsu. Abin da nake gani a kaina kuwa, ban iya cewa a'a ba, ana saura kwana kaɗan sallah mutum zai kawo shadda kala uku in karɓa alhali na san ɗinki ya yi min yawa, in koma gida ina lissafin kuɗin haya da na makarantar ƙannena barci ya gagara, in yi ta haɗiyewa ina murmushi, sai rana ɗaya in sauke wa yaron shago gaba ɗaya a kan maɓalli ɗaya da ya ɗinka a karkace.

Ɗan Samaru: Oga wallahi na shigo da gudu na zata ta zanen gini ake magana, tawa ta karye a cikin keke napep jiya. Ku ci gaba abinku.

Anti ta Gyallesu: Ai ƙanena tauraron tsakiyar nan shi ne mugun, shi ke ɓata komai. Maganinsa kawai ka cike gurbin da ba kowa, wato Hamal tunda shi ke kallon Mizan. Ka nemi abokin kasuwanci ko mata 'yar Hamal shi ke nan.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Anti kin samu rabi. Gaskiya ne masu wannan ilimi suna duba gurbin da ke kallon tauraron tsakiya, amma ba sa ɗaukarsa mugu. Biyun da ke kallon juna digiri 180 ne tsakaninsu, kowanne yana ja gefensa, shi kuma na ukun yana digiri 90 daga kowannensu, don haka duk lokacin da biyun suka yi ja-in-ja ta wurinsa abin ke fitowa, shi ya sa aka fi ganinsa a halin mutum na yau da kullum, ko dai ya yi aiki fiye da ƙima ko ya toshe sai ya fashe. A wurin tela, Mushtari a Saraɗan shi ne karɓi, taimaki ɗan'uwa, Allah zai rufa asiri. Zuhal a Jadyi shi ne nauyi da lissafi da tsoron a ce ka gaza. Mirrihi kuma tauraron faɗa ne amma a Mizan yana cikin burjin da ba ya jin daɗinsa, burjin sulhu da gudun ɓata wa mutane, ga Rana ta ƙara masa nauyi, to ka ga inda murmushin nan da fashewar suka fito a karatunsu. Burujan nan uku duk na masu fara abu ne, matsinsu ba ya barin mutum ya zauna, sai ya ɗauko sabon aiki. Batun Hamal kuwa hali ake nufi ka koya, ka ce wa mutum kai tsaye ba zan gama kafin sallah ba tun yana tsaye da ledarsa. Wanda ke da tauraro a digiri 8 zuwa 10 na Hamal in ya shigo rayuwarka ai kusurwa ta huɗu ya rufe, wasu sun ce sauƙi ne wasu sun ce ƙarin matsi ne, ba a daidaita ba.

Amma malam tela ƙarfe nawa aka haife ka? Don duk wanda aka haifa a satin nan ko a Zazzau ko a Sin yana da wannan siffar, gidajen da suka faɗa ne ke bambanta ku.

Telan Sabon Gari: Inna ta ce bayan an idar da sallar asuba ne, ba a rubuta ba don a gida aka haife ni.

Malamin lissafi, Tudun Wada: To nan ne aiki. Burjin da ke hudowa a gabas yana tafiya kusan digiri 1 duk minti 4, Ranarka kuma tana digiri 10 na Mizan, ke nan Mizan ya fara hudowa kamar minti 40 kafin fitowar rana. In gari ya fara wayewa sosai aka haife ka, Mizan ne gidanka na 1, Zuhal ya faɗa gida na 4 na iyali, Mushtari na 10 na sana'a da suna, matsin gida da shago yana sauka a jikinka da fuskar da kake nuna wa mutane, gurbin kuma gida na 7 na abokan hulɗa. In kuwa da sauran duhu ne to Sumbula ke hudowa, komai ya matsa gida ɗaya, tsakiyar ta koma gida na 2 na kuɗin shiga. Ka tambayi Inna ko an kashe fitila lokacin. Sannan ka tuna min 2018, Zuhal ya dawo daidai inda yake ranar haihuwarka a shekarar, yakan yi kusan shekara 29 da rabi ya zagayo, kuma duk bayan shekara bakwai da 'yan watanni yana taɓa ɗaya daga kusurwoyin.

Telan Sabon Gari: Ikon Allah, 2018 Baba ya kwanta ciwo gidan gaba ɗaya ya dawo kaina.

Maman 'yan biyu, Wusasa: Ni tawa Wata ne a tsakiya cikin Aƙrab, Zahra a Asad, Zuhal a Dalwu, kuma wallahi na yarda da ita don ni in aka min abu ba na mantawa, kishiyar yayata ta gaya min magana a wajen suna har yau in na gan ta sai gabana ya yi zafi, ba na faɗa ba na gaba a fili amma abin na nan zaune. Matsalar ita ce ban san lokacin haihuwata ba, in na saka safe layukan su fito in na saka dare su ɓace.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Hajiya Wata yana cin wajen digiri 13 a yini, yawanci kuma digiri 6 zuwa 8 ake yafewa a irin wannan kusurwa, don haka safe da dare kawai sun isa su fitar da shi. Riƙon da kika faɗa ya yi daidai da yadda ake karanta waɗannan burujan masu kafewa, amma ni ba zan ce kina da T-square ba sai an samu lokaci. Manhajoji da yawa kuma suna buɗe tazarar har 10, sai kowa ya ga jan layi ya tsorata.

Ɗalibi daga Ƙofar Doka: Ku yi haƙuri fa, wane tela ne a Zariya ba ya karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsa kafin sallah? Wane ɗan fari ne nauyin gida bai hau kansa ba yana kusan talatin? Maƙwabcinmu haihuwar Maris ne kuma halinsu ɗaya sak. Ban da haka malamanmu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan danganta abin da ke samun bawa ga taurari, ciwon Baba ƙaddara ce.

Telan Sabon Gari: Ƙaddara ce mana, ban ce Zuhal ya kwantar da shi ba. Maganar maƙwabcinku kuma ta ɗan tsaya min gaskiya.

Anti ta Gyallesu: To maƙwabcin ma a duba nasa mana, Maris ai wani ɓangarensa Hamal ne.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Lissafin digirin dai na falaki ne kowa zai iya tabbatarwa, fassarar kuwa al'ada ce ta masu abin, kimiyya ba ta tabbatar da ita ba, ɗalibi yana da hujja a nan. Tela in Inna ta ba da amsa ka turo, ka haɗa da inda aka haife ka ko cikin birni ne ko wani gari.

Telan Sabon Gari: Na kira ta yanzu, ta ce fitila dai tana kunne amma ai ɗakin nata ko da hantsi duhu gare shi.