Lasifikar Bulutut a Cikin Kasuwa

Daga zaman da masu gyaran waya suka yi a Garwa, ga abin da aka fi jaddadawa. Ƙananan lasifikoki da yawa ba sa neman lambar sirri, kuma idan wayarka ta yi nisa, wajen mita 10, sai su koma neman wata. A lokacin ne baƙo yake shiga, ya haɗa wayarsa da lasifikarka. Alamar ita ce fitila mai ƙiftawa da sauri.

Saboda haka, ka fara haɗa wayarka da lasifikar tun a gida. A kasuwa ko tasha, kunna bulutut na wayarka kafin lasifikar, ta kama ka da wuri. Wani ya ƙara cewa wasu lasifikokin suna karɓar waya biyu lokaci guda, don haka haɗuwarka ba ta hana baƙo ba. In an riga an shiga, mayar da lasifikar yadda ta fito daga kamfani, ta manta da kowa. Ni dai a wurin biki na fi yarda da igiyar AUX, wadda ake jona waya da lasifika da ita kai tsaye.