Wata nawa canel ɗin YouTube zai yi shiru kafin a cire masa monitaizeshan, wato tsarin biyan kuɗi?

Ga abin da muka tattara daga tattaunawarmu ta masu YouTube a nan Gombe, don tambayar ta yi yawa wallahi.

Ƙa'idar dai wata 6 ce. In ka yi wata 6 ba ka ɗora bidiyo ba, ba ka yi ko fostin ɗaya ba, YouTube suna da damar cire ka daga tsarin biyan kuɗi. Ba wai ranar da ta cika za a yanke ba, wani yakan wuce haka ba a taɓa shi ba, amma kar ka dogara da wannan.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne dashbod, domin duk tsawon shirun nan alamar dala tana nan koriya a YouTube Studio, tsofaffin bidiyoyi suna kawo 'yan kuɗinsu a Analytics, sai ka ɗauka lafiya lau, alhali babu wani agogo da ke ƙirga maka watannin. Wani ɗan'uwa da wayarsa ta lalace ya ce a imel gargaɗin ya zo masa, imel ɗin da ko buɗewa ba ya yi.

In an cire ka, shafin Earn zai koma nuna ma'aunin sabsikiraiba da awannin kallo. Nan ne ciwon, tunda awa 4,000 ɗin da ake buƙata don shiga tsarin, na wata 12 da suka wuce ake ƙirgawa, ƙila sun zube, sai ka sake tarawa kafin ka nemi a mayar da kai.

Shawarar da kowa ya yarda da ita, ko Shorts ɗaya ne ka ɗora duk wata, kuma ka riƙa leƙa imel ɗin canel ɗin.