Motar rabon biredi ta miliyan biyar: nawa take a littafi kowace shekara?

Baban Hanan: Jama'a sallama. Ni ke riƙe littafin gidan biredin yayana. Mun sayi motar rabo a kan ₦5,000,000, muna sa ran ta yi mana shekara 5, in ta gaji mu sayar ko da ₦500,000 ne. Na cire dubu ɗari biyar ɗin, na raba sauran gida biyar, sai ragin darajarta ya kama ₦900,000 duk shekara. A ƙarshen shekara ta farko darajarta a littafi 4,100,000, sai 3,200,000, sai 2,300,000, sai 1,400,000, ta tsaya a 500,000. Yaya ya gani ya ce bai yarda ba, wai motar da ke yin Kano zuwa Wudil kullum ba ta kai miliyan huɗu bayan shekara guda. Wa ya taɓa gwada ɗaya hanyar, wadda ake ragewa a kan abin da ya saura?

Hajiya Akanta: Yayanka yana da gaskiya ta wani gefen. Da wannan ɗaya hanyar nake yi wa motocin wani kamfanin ruwan leda lissafi. Shekara 5 na nufin kashi 20 cikin ɗari, sai ka ninka ya zama 40. Shekarar farko ka cire 2,000,000, saura 3,000,000. Ta biyu kashi 40 na wannan miliyan ukun za ka cire, ba na kuɗin saye ba, wato 1,200,000, saura 1,800,000. Ta uku 720,000, saura 1,080,000. Ta huɗu 432,000, saura 648,000. A ta biyar ne ake yin tuntuɓe. Kashi 40 ya kama 259,200, wanda zai kai motar 388,800, ƙasa da abin da ka ce za ku sayar da ita. Don haka 148,000 kawai za ka cire, ka tsaya a 500,000. In kana da Excel gwada waɗannan:

```
=SLN(5000000,500000,5)
=DDB(5000000,500000,5,5)
```

Na farko zai ba ka 900,000, na biyu 148,000.

Sani Kwanar Dawaki: Hajiya ni fa 1,800,000 na samu a shekarar farko. Ba sai an fara cire dubu ɗari biyar ɗin ba?

Hajiya Akanta: A'a ƙanena, wannan a hanyar rabo daidai, wadda Baban Hanan ya bi, ake yi. A nan kuɗin sayarwar burki ne kawai, shi ke tsayar da kai a ƙarshe. In ka fara cire shi, duk layukan ƙasa sun karkace. Gwajin da nake yi shi ne in tara ragin shekara biyar ɗin. Ko wace hanya ka bi sai ya ba da 4,500,000 cif, in bai ba da ba akwai matsala.

Alhaji Na-Sabon Gari: Duk wannan aikin takarda ne. Na sayi janareto kafin Naira ta faɗi a 2023, na more shi shekara biyu, na sayar sama da yadda na saya. Ina ragin yake?

Malam Ɗanjuma: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma littafi ba dillali ba ne, ba farashin kasuwa yake faɗa ba. Kuɗin da aka kashe yake rabawa a kan shekarun da abin ya yi aiki. Ni abin ya taɓa ƙona ni wajen sayarwa. Mun bi rabo daidai a kan wata babbar mota, da muka sayar a shekara ta uku sai littafi ya nuna faɗuwa, abokan haɗin gwiwa suka yi ta min kallon ɓarawo. Ɗauki motar Baban Hanan: a ce an sayar ₦2,000,000 bayan shekara uku. A littafinsa faɗuwa ce ta 300,000, a na Hajiya riba ce ta 920,000. Mota ɗaya, kuɗi ɗaya.

Sani Kwanar Dawaki: To ai shi ke nan, a bi ta Hajiya, riba ta ragu da wuri, haraji ya yi sauƙi.

Hajiya Akanta: Kar ka sa rai. A Nijeriya masu haraji ba sa karɓar ragin da ka rubuta da kanka. Mayar da shi suke yi kan riba, su ba ka nasu rangwamen na kayan jari bisa ƙa'idarsu. Abin da za ka duba shi ne yadda motar ke cin jikinta. In ƙarfinta a shekarun farko yake, daga baya kuma kanikawa su fara cin rabonsu, ragi mai nauyi da wuri ya dace da ita. Tanda ko gini kuwa ni rabo daidai nake musu.

Malam Ɗanjuma: Ni dai ban gamsu da 2,000,000 a shekarar farko ba. Ƙaramin gidan biredi ya je banki neman rance da littafin da ribarsa ta ragu da 1,100,000 fiye da na rabo daidai, me zai ce musu?

Baban Hanan: Wallahi rancen ma muna shirin nema bayan sallah, shi ya sa nake jan ƙafa. Zan kai wa yaya lissafin biyu a takarda ɗaya. Hajiya, motar a watan Yuli muka saye ta, shekarar farko rabi zan cire ko duka?