Ango yana son ya ga fed a hotonsa kafin in sa masa kilifa

Sani Mai Aski, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da kwastoman da kullum nake yi masa aski bai ɗaya da kum lamba 2. Ɗaurin aurensa ranar Asabar, yau Talata. Abokansa sun zuga shi ya yi fed, shi kuma ya ce ba zan taɓa kansa ba sai na nuna masa a hotonsa yadda lo fed, mid fed da hai fed za su zauna masa. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, kuma hula zai sa ranar. Wayata ba ta da wuri sosai. In biya kuɗin manhajar nan mai canza gashi ne, ko akwai wata dabara? Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya faɗa min.

Abba Gayu:
Wa alaikumus salam. Oga Sani, sauke manhajar kawai, minti ɗaya ta fito maka da aski kala goma. Ni naira 2,500 na biya na wata guda, kwastomomina har layi suke yi.

Nura Kilifa, Kaduna:
Wace 2,500? Ni 4,000 aka cire min, kuma na sati ne ba na wata ba.

Sani, ka saurare ni don ni abin ya ƙona. Bara wani mutum ya zo shagona, ɗan kasuwa, mai mutunci. Na ɗauke shi hoto ta gaba, na sa a irin wannan manhajar, ta fito da shi da hai sikin fed kamar ɗan ƙwallo. Ya yi murna, ni ma na yi murna. Abin da ban lura ba, manhajar ta cike masa gefen goshinsa biyu inda sanƙo ya fara ci, ta kuma ɗan rage masa faɗin fuska. Na kwashe gefe har sama kamar yadda hoton ya nuna. Da na zo ƙeya sai ga tattara biyu manya a fatar, ga kuma ƙurajen nan masu tauri da gashi ya rufe. A gaba kuwa, da gefe ya tafi, sai sanƙon ya haɗe da fed ɗin, gashin sama ya zama ɗan tsibiri. Mutumin ya riƙe wayata a hannu ɗaya, madubi a ɗaya, yana cewa "wannan ne wannan?" Bai biya ni ba. Da yamma ƙaninsa ya zo ya yi min tas a gaban mutane. 'Yan gidansu gaba ɗaya a wurina suke aski, har yau babu wanda ya dawo. Ga shi ban san ana sabunta biyan da kansa ba, sai da na ga ana ta zarar kuɗi a asusuna duk sati.

Ɗan Baiwa:
Innalillahi. Nura, ba ka kai ƙara wajen shugaban 'yan aski na unguwarku ba? Ai cin mutunci ne.

Nura Kilifa, Kaduna:
In kai ƙara in ce me? Ni na nuna masa hoton da hannuna.

Maman Haidar:
Ni ma ɗana aka yi wa fed kansa ya fito da makero bayan sati biyu. Don Allah ku riƙa wanke kilifa da kum tsakanin mutum da mutum. Wane magani kuke shafawa ne?

Ɗan Baiwa:
Hajiya, wannan na asibiti ne, ki kai shi a duba, makero na ka yawanci sai da maganin sha. Amma ba tambayar Sani ke nan ba.

Oga Lawal, Jos:
Sani, abin da ya sami Nura ba rashin sa'a ba ne, haka yawancin manhajojin nan suke aiki. Hoton gaba suke karɓa, fed kuwa a gefe da ƙeya yake. Kuma ba gashin mutumin suke ragewa ba, wani sabon kai suke zana masa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga gashin ya fito da santsi irin wanda ba namu ba.

Ni da hannu nake yi, a ibis Paint X, kyauta ce in za ka jure talla. Amma fara da hoton, don nan ake ɓata abin. Ya cire hula, ka taje masa gashin da buroshi, ku fita bakin ƙofa inda hasken rana yake. Kyamarar baya, ba ta gaba ba, kuma ka kashe duk abin da ke gyara fuska. Ka ja baya kamar taku biyu, ka riƙe wayar daidai kunnensa. In ka matso kusa kunne da gefen kai za su kumbura a hoton, layin da ka zana ba zai yi daidai da kan gaske ba. Ɗauki gefen hagu tunda nan tabon yake, sannan ƙeya.

Ka shigar da hoton, ka buɗe sabon Layer a samansa, kada ka yi zane a kan hoton kansa. Da Eyedropper ka ɗauki launin fata daga bayan kunne ko wuya, ba daga goshi ba, goshi rana ta ƙona shi kuma yana ƙyalli. Zaɓi Airbrush, ka rage Opacity zuwa wajen 30. Ka fara daga ƙasa, inda za ka kwashe tas, ka maimaita shafawa har gashin ya ɓace. Kana hawa sama kana rage yawan shafawar, har ta narke cikin gashin da ba za ka taɓa ba. Lo fed ya tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu a saman kunne ya gangara ƙeya. Mid ya kai daidai tsakiyar gefen kai, hai kuma har inda kai yake fara lanƙwasawa zuwa sama. Kowanne da nasa Layer ɗin, sai ka riƙa kunna ɗaya kana kashe sauran yana kallo. Fuskarsa ce, layin goshinsa ne, kunnensa ne, babu abin da ya canza sai tsayin fed ɗin.

Abba Gayu:
Oga Lawal, wannan ai aikin mai zane ne. Wa yake da lokacin nan ranar Juma'a da safe mutum takwas na jira a benci?

Oga Lawal, Jos:
Ba kowa ake yi wa ba. Wanda zai canza aski karon farko, ko ango irin wannan. In hannunka ya saba bai fi minti biyar ba.

Baba Wanzami:
Yara, mu mun yi shekaru muna aski babu hoto. Ka sa babban yatsanka ka shafa ƙeyar mutum, ka buɗa gashin da matsefi, kan da kansa zai gaya maka abin da zai ɗauka. Hoto ba ya jin tudu da kwari.

Abba Gayu:
Baba, da girmamawa, ku aska ce sana'arku, kwalkwal kuke yi. Fed daban ne.

Ɗan Baiwa:
Abba, kai da ka fara aski shekaranjiya kake gyara wa Baba zance? Da Nura ya yi abin da Baba ya faɗa da ya ji tattarar nan kafin ya kunna kilifa.

Oga Lawal, Jos:
Maganar Baba gaskiya ce, kuma zanena ma bai tsira daga ita ba. Airbrush fata mai sumul yake shafawa. Ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin gashi. Kuma fatar da ta daɗe a rufe ta fi ta wuya haske, ranar farko fed zai fito fari-fari fiye da yadda hoton ya nuna, ka gaya masa tun kafin. Tabon nan kuma, Sani, ka buɗa gashin ka ga inda yake, ka ɗiga shi a hoton da launi mai haske. In ya faɗa inda gashi ke tsakanin kum lamba 1 da kum lamba rabi, wato milimita 3 zuwa 1.5, nan yake fi fitowa, fili a tsakiyar baƙi. Ko dai ka bar fed ɗin a ƙasa da shi gashi ya rufe, ko ka kai wurin da aka kwashe tas ya haɗiye shi.

Musa Direba:
Ni duk sanda na kai hoton ɗan ƙwallo sai mai askina ya ce, "Kawo min kansa in yi maka." 😂 Ku ce wa angon amarya ba ƙeya za ta kalla ba.

Sani Mai Aski, Zariya:
Oga Lawal, na gwada yanzu da hoton yarona na shago, ya fito ba laifi, sai dai gefen ya yi kamar an shafa masa hoda. Maganar hular fa? Babu wanda ya taɓa ta.

Oga Lawal, Jos:
Hodar, launin da ka ɗauka ya yi haske ko Opacity ya yi yawa. Hula kuma, ka ɗauki hoto na biyu da ita a kansa, ainihin wadda zai sa, ka zana fed ɗin a ƙasanta. Da hai fed duk inda launin yake narkewa yana shigewa cikin hula, abin da mutane za su gani fata ce zalla, kamar an yi masa kwalkwal. Lo fed shi ke bayyana gaba ɗaya a ƙasan hula. Ni da ni ne, lo zan yi masa ranar Alhamis. In yana son ƙari ana iya hawa da shi sama, amma wanda aka kwashe ba ya dawowa kafin Asabar, gashi wajen santimita 1 yake yi a wata.

Abba Gayu:
Alhamis ta yi nisa, Juma'a da dare ya fi, ya tashi da shi sabo.

Nura Kilifa, Kaduna:
In fatar ta yi ja ko ƙuraje suka feso da safe fa? Alhamis, sannan gyaran fuska kawai ranar Asabar.

Malam Habibu:
Sani, ka tambayi angon ko ya shawarci mahaifinsa. Akwai hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim da ya hana aske wani sashe na kai a bar wani. Malamai sun yi magana kan ko ragewa da kilifa ta shiga ciki, amma kwashe gefe tas a bar sama, dattawa a wajen ɗaurin aure za su yi magana.

Sani Mai Aski, Zariya:
Na gode Malam, zan gaya masa. Ko da tefa ce kawai a saje da ƙeya ba tare da kaiwa fata ba, zan zana masa ita ma ya gani. To nawa zan caje shi na zanen? Askina 800 ne.

Abba Gayu:
800? Mu a nan fed 1,500 ne, in da janareta 2,000. Ƙara masa 500.

Ɗan Baiwa:
A unguwarmu in ka wuce 500 kwastoma ya koma shagon gaba. Kada ka caji komai, ango ne, zai yi maka ihsani.

Maman Haidar:
Tunda ana maganar hoto, ni abin da ke damuna ke nan. Mai askin Haidar ya ɗauke shi hoto wai don ya nuna min, washegari na ga yaron a shafinsa da lambar wayar shago a ƙasa. Bai tambaye ni ba. Wata ƙawata ce ta turo min.

Nura Kilifa, Kaduna:
Hajiya, wannan ba daidai ba ne. Kuma manhajojin nan da yawa ba a wayarka suke aikin ba, sai sun tura hoton can wani wuri, shi ya sa ba sa yi in babu data.

Abba Gayu:
To in ba mu sa hoton aikinmu ba ta ina kwastoma zai san mun iya? Ai ƙeya nake ɗauka, fuska ba ta fitowa.

Maman Haidar:
Na ɗana fuskarsa ta fito, har da rigar makarantarsu. Na ce ya cire, ya ce sai in ya samu caji.