Ƙarar injin niƙa: wane abin toshe kunne zan saya?

Mai niƙa, Mabera: Salamu alaikum. Ina wuni gaban injin niƙa daga safe har la'asar. Na gwada ƙarar da waya, ta nuna desibel 100. Na sayi makarin kunne mai kama da hedifon, an rubuta NRR 25 a kwalinsa, wai yawan ƙarar da yake ragewa ke nan, amma da dare kunnena sai tsuwa. Mi ya kamata in saya?

Makaniken janareta: Wa alaikumus salam. Ai ɗari ka cire ashirin da biyar saura 75, lafiya lau. Tsuwar nan zafin gari ne.

Injiniya: Malam, ba haka ake cirewa ba. Lambar kwali a ɗakin gwaji aka same ta, inda aka sa wa mutum abin daidai. Lissafin da ake yi a wurin aiki shi ne a cire 7 daga NRR, a raba abin da ya rage biyu. Ka ga 25 ta koma 9, kunnenka yana shan desibel 91. Iyakar da ake bi ita ce 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. Kai kuwa wuni kake. Soson toshe kunne mai NRR 33 zai ba ka 13, saura 87, har yanzu da saura. Ka haɗa biyun, soso a ciki, makari a sama. Ba a tara lambobinsu, ana ƙara 5 ne kawai a kan mai yawan, ka sauko wajen 82. Awon waya kuma kintace ne.

Hajiya mai markaɗe: Ni auduga nike cusawa, ɗana, tun tuni.

Injiniya: Hajiya, auduga ba ta tare abin kirki. Shi ma soson sai an iya sa shi. A murza shi da yatsu masu tsafta ya zama siriri, a zagayo da ɗayan hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa talatin ya kumbura. In an duba madubi an ga rabinsa a waje, bai shiga ba. Ga gwaji: injin na aiki, ka rufe kunnuwa da tafukan hannu. In ƙarar ta ragu sosai, to da ɓaraka. Makari kuma, bakin hula ko ƙafar tabarau in suka shiga ƙarƙashinsa, ƙara ta samu ƙofa.

Makaniken janareta: A zafin Sakkwato wa zai iya wuni da su biyu? Gumi zai sa ya tuɓe kafin azahar, robar ma bushewa take ta tsage.

Injiniya: Nan kam ka yi gaskiya. In ba za ka jure ba, gara soso kaɗai da aka sa daidai, ku riƙa karɓa-karɓa da yaronka. Tsuwar kuma ka kai ta sashen kunne na asibitin koyarwa a auna jinka.

Mai niƙa, Mabera: Na gode. To wanga da na gani an rubuta SNR 37 fa?

Injiniya: Ma'aunin Turai ne, lambarsa takan ɗara ta NRR a kan abu ɗaya. Juya kwalin ka gani ko akwai NRR.