Ciki wata takwas, barci ya gagara: ku ba ni shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara. Cikina sati 33 yanzu, kuma wallahi na fi sati biyu rabona da barcin kirki. Da na kwanta ƙwannafi zai taso min har maƙogwaro, to sai na koma jera filo uku ina kwanciya rigingine a kansu, ƙwannafin ya ɗan ragu amma sai in farka da jiri zuciyata na bugawa, wuyana ya ƙage, ga shi wajen ƙarfe uku na dare ƙafata ta dama sai ta ɗaure tamau kamar an sa igiya. Wace irin kwanciya ce ta fi, kuma filon nan na masu ciki yana da amfani ko kuwa?

Ummu Safwan: Wa alaikis salam, sannu Maman Hanif. Ki daina rigingine daga yau. Hagu kawai ake kwanciya, dama ma haɗari ne, haka aka ce mana wajen awo. Ni har na haihu ban taɓa juyawa dama ba ko da kafaɗata ta yi tsami.

Anti Nas: Sannu ƙanwata. Maganar rigingine gaskiya Ummu Safwan ta faɗa, amma ta dama akwai gyara. Akwai babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, tana bin gefen ƙashin baya ne ta ɓangaren dama, to idan kika yi rigingine duk nauyin mahaifa da yaro da ruwa a kanta yake sauka, jinin da ke komawa zuciya sai ya ragu. Wannan jirin da bugun zuciyar da kike farkawa da su alamarsa ke nan, kuma jinin da ke zuwa wa yaro ma raguwa yake. Shi ya sa daga sati 28 ake cewa a fara barci a kan gefe, har barcin rana. Amma gefe ko wanne ya yi, hagu ko dama. In ƙugunki ya gaji da hagu ki juya dama, kar ki azabtar da kanki.

Sai dai ke da ƙwannafi ke damunki hagun zai fi miki, saboda yadda tumbi yake a jiki, in kika kwanta hagu bakinsa na sama ne abincin na ƙasa, in kika kwanta dama kuwa ruwan tsamin ya fi samun hanyar hawowa.

Maman Hanif: To Anti ai matsalar ko na fara da gefe sai in farka in gan ni rigingine, hankalina ya tashi in kasa komawa barci ina ta taɓa cikin in ji ko ya motsa.

Anti Nas: Wannan kar ya dame ki, kowa na juyi cikin barci. Abin da ake dubawa shi ne yadda kika fara barcin, don a nan mutum ya fi daɗewa. Kin farka kin gan ki rigingine, ki juya gefe ki ci gaba da barcinki shi ke nan. Ki sa filo mai ɗan tauri a bayanki ki tura shi ƙarƙashin ƙugu kaɗan, ko kin mirgina ba za ki kai flat ba, za ki tsaya a karkace ne, kuma karkacewar nan ma ta ɗage nauyin daga kan jijiyar.

Hajiya Babba: Ikon Allah, ƙwannafi ai gashi ne yaron zai yi. Duk 'ya'yana da na yi ƙwannafi a cikinsu da suma suka fito. Ki yi haƙuri 'yata kina haihuwa zai wuce.

Maman Twins: Hajiya ni kam na yi ƙwannafi kamar me kuma duka biyun ba gashi suka fito. Amma gaskiyarki ne yana wucewa, ni daren da na haihu ya tafi.

Maman Hanif batun filo uku nan ni ma na yi kuskuren, kina jera su kai da wuya kawai suke ɗagawa, jikin ya lanƙwashe a tsakiya ya ƙara matse cikin, ga ciwon wuya. Abin da ya yi min aiki ɗaga katifar ce gabaki ɗaya ta wajen kai, na naɗe bargo biyu na tura ƙarƙashin katifa tun daga wajen kafaɗa har kai, sai ta yi gangara a hankali, kina kwance a gefenki amma ƙirjinki ya fi cikinki tudu. Kamar tsayin tafin hannu, santimita 10 zuwa 15 ya isa. In gadon mai ƙafa ne ana iya sa katako ƙarƙashin ƙafafun wajen kai.

Sai filo ɗaya a kai, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ƙarami siriri a ƙarƙashin cikin don kar ya riƙa janki ƙasa, da na bayan da Anti ta ce. Na tsakanin ƙafa ki samu dogo wanda zai kai tun daga gwiwa har idon sawu, in gwiwa kawai ya tare ƙafar sama na lilo kuma ƙugu zai ci gaba da ciwo.

Amarya Zee: Ni babban filon nan mai zagaye jiki ta gaba da baya na saya kuma gaskiya ban yi nadama ba, in zan juya ba sai na kwashe filo huɗu na sake jerawa ba.

Maman Twins: Ni an ba ni aro na mayar bayan kwana uku, zafi yake sa ni ga cinye gado, kuma tashi fitsari sau huɗu a dare kina haura shi aiki ne. Kowa dai da jikinsa.

Amarya Zee: To ai ya danganta da rigar da aka sa masa, ni dai da shi na samu barci.

Anti Nas: Ku bar ta ta gwada na gida tukun in bai yi ba ta saya. Maman Hanif ƙarfe nawa kike cin abincin dare, ƙarfe nawa kike kwanciya, kuma maganin ƙarin jini yaushe kike sha?

Maman Hanif: Sai wajen tara nake ci saboda ina jiran Abban Hanif, goma na kwanta. Maganin ƙarin jinin kuma da dare nake sha bayan abinci, tare da ruwan maganin ƙwannafin da aka ba ni, cokali biyu.

Anti Nas: To ga rabin matsalar nan. A cikin ciki ƙofar da ke rufe bakin tumbi sakewa take saboda sinadaran da jiki ke fitarwa, abinci kuma ya fi daɗewa kafin ya wuce, ga mahaifa ta turo tumbin sama, ke kuma awa ɗaya da cika shi kin kwanta. Ki bar awa uku tsakanin ci da kwanciya. In goma kike kwanciya ki gama ci ƙarfe bakwai, kuma kar ya zama shi ne babban abincinki na ranar, ki rarraba kaɗan-kaɗan da rana. Mai maiƙo da mai yaji da lemo mai gas da kofi ki kauce musu da yamma. In Abban Hanif ya dawo ki zauna ki taya shi hira kawai.

Na biyu, maganin ƙwannafi yana hana jiki tsotsar maganin ƙarin jini, ana barin aƙalla awa biyu tsakaninsu, shi kuma na ƙarin jinin kansa yana iya tayar da ciki. Ki mayar da shi safe, na ƙwannafin ki bar shi sai za ki kwanta. In kin yi sati kina haka bai lafa ba ki faɗa wa likita wajen awo, akwai ƙwaya da ke rage tsamin kansa da ake ba masu ciki, amma su za su rubuta miki. Kuma kar wanda ya ba ki bekin soda ki jiƙa ki sha, gishiri ne ya yi yawa a ciki.

Ummu Safwan: Ita ƙafar kuma ni ma na yi fama da ciwon nan. Ni magnesiyam aka ba ni ya daina.

Anti Nas: Magnesiyam wasu ya yi musu wasu bai yi ba, binciken da aka yi a kai ma bai tsaya kan magana ɗaya ba, in za ta sha likita ya rubuta. Abin da ke hannunki shi ne lokacin da ta ɗaure, miƙe ƙafar ki janyo yatsun sama wajen ƙwauri, dunduniya ta yi gaba, ki riƙe haka har ta saki sannan ki murza sharaɓar. Yawanci ma abin da ke tayar da ita shi ne miƙar da ake yi cikin barci ana nuna yatsu ƙasa. Kafin ki kwanta ki dafa bango, ƙafa ɗaya a baya dunduniya a ƙasa, ki karkata gaba sakan talatin, ki canza, sau uku kowace.

Maman Ilham: Ni tawa ba ɗaurewa take ba, kamar tururuwa na yawo a ciki sai na yi ta motsa ta, in na tashi na taka ya lafa in na kwanta ya dawo. Shi ma miƙewar zan yi?

Anti Nas: Naki daban ne Maman Ilham, irin wannan sau da yawa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yake tafiya, ki ce su auna miki jini a awo na gaba.

Abu biyu da nake so duk mai ciki a nan ta riƙe. Ɗaurewar jijiya minti kaɗan take ta saki. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta fi ɗayar, ta yi zafi ko ja, ciwon kuma bai tafi ba har gari ya waye, kar a murza, asibiti a ranar, gudan jini na iya toshe jijiya. Sannan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari musamman dama wanda maganin ƙwannafi bai taɓa shi ba, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko fuska da hannu sun kumbura farat ɗaya, wannan hawan jinin ciki ne mai kai wa ga jijjiga, ko tsakar dare ne a tafi. Haka in motsin yaro ya ragu, ba a jira safiya.

Maman Hanif: Babu kumburi Anti, tana sakewa kafin minti biyu sai dai tsami da safe, kuma awon da ya wuce jinina lafiya lau. Na gode sosai Allah ya saka da alheri, yau zan fara.

Maman Hanif: 'Yan uwa kwana huɗu ke nan. Ɗaga katifa da cin abinci ƙarfe bakwai sun yi aiki, ƙwannafin sau ɗaya ya tashe ni, jirin kuma babu. Ƙafar dai ta sake ɗaurewa jiya amma da na janyo yatsun ta saki da wuri. Yanzu ƙuguna na hagu ne ke ciwo wajen asuba, kuma yunwa na tashina ƙarfe biyu.

Maman Twins: Ƙugun ki ninka bargo mai laushi ki shimfiɗa daidai wurin, in ya dame ki juya dama tunda zuwa asuba abincin ya sauka. Yunwar kuma ni ban samo mata dabara ba har na haihu, in na ci ƙwannafi in ban ci ba ba barci, Anti ko wani abu kaɗan mara maiƙo wajen ƙarfe tara zai ɓata tsarin?